Tsarin Karatu a Lokacin Bazara da Alamomin Bugun Zafi ga Ɗalibai: Misalin Malanville

Malanville gari ne a jihar Alibori, a arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin kogin Kwara, gada ce kawai tsakaninsa da ɓangaren Gaya ta Nijar. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a nan yakan haura digiri 40. Idan damina ta gabato iska takan yi laima, gumi ya ƙi bushewa, alhali bushewar gumi ce ke sanyaya jiki. A Maris na 2024 irin wannan zafi ya sa Sudan ta Kudu ta rufe makarantunta. Kafin a kai ga rufewa, akwai gyaran da malamai za su iya yi.

Lokacin da ya kamata a kauce masa

Da yawa muna ɗauka tsakar rana ce ƙarshen zafi. A gaskiya ƙasa da bango da kwano suna ci gaba da tara zafi, har ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4 na yamma, daidai lokacin da Islamiyyu da dama ke buɗewa.

Mu ɗauki aji mai ɗalibai 60 a ɗakin kwano marar silin, da ke zama daga ƙarfe 2:30 zuwa 5. Abu na farko shi ne a mayar da zaman bayan la'asar, daga 5 zuwa 6:30, domin a Afrilu rana ba ta faɗuwa a Malanville sai wajen ƙarfe 7. Idan ɗakin bai huce ba, a fito da tabarmi inuwar darbejiya. A ranakun da babu boko, a yi zaman da safe daga 7 zuwa 10:30, a fara da hadda tun jiki na da ƙarfi. A dakatar da horon tsallen kwaɗo da durƙuso a rana.

Abu na biyu ruwa ne. Kada a jira yaro ya ce yana jin ƙishi, domin ƙanana sukan ji nauyin malam su yi shiru. Kowane minti 20 zuwa 30 a tsaya, kowa ya sha kofi ɗaya, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na lita. Ɗalibai 60 sau huɗu lita 48 ke nan, wato jarka biyu masu lita 25. A zuba a randa tun kafin su iso.

Alamomin farko

Galabaitar zafi takan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gumi mai yawa da ɗaurewar jijiya a ƙafa ko ciki. Malam ya lura da yaron da ya saba ɗaga murya ya koma shiru, ko ya kifa kai a kan allo, ko ya fara kuka babu dalili. A tambaye shi yaushe ya yi fitsari. Idan tun safe bai yi ba, ko ya fito kaɗan kuma ja, ruwan jikinsa ya ragu. A fi sa ido a kan mai sikila, da wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa, da wanda ya taho daga talla a kasuwa.

A kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa kaɗan, a sassauta tufafi. Yarinya kuwa malama ta kai ta gefe ta cire mata hijabi. A jiƙa jiki da ruwan sanyi ana fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko yana azumi ya sha. Idan bayan minti 30 bai farfaɗo ba, ko yana ta amai, sai asibiti.

Inda abin ya zama na gaggawa

Abin da ke raba galabaita da bugun zafi shi ne hankali. A tambayi yaro sunansa da na unguwarsu. Idan ya rikice, ko yana sambatu, tangaɗi, jijjiga, ko ya suma, jiki kuma rau da zafi, to rai na cikin haɗari, ko da yana gumi. A kwarara masa ruwa nan take, a ci gaba da jiƙawa da fifita a hanya har asibitin yanki na Malanville. Wanda ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi.

Mu kuma tuna bazara lokacin sanƙarau ce, maleriya kuma ba ta ƙarewa a bakin kogi. Yaron da wuyansa ya sandare, ko zazzaɓinsa bai sauka ba bayan an sanyaya shi, gwajin asibiti ne zai bambance. Wanda ya farfaɗo a aji kuma, babba ya raka shi gida, a shaida wa iyayensa, ya huta washegari.

Allah Ya kare mana zuriya.