Hoton Muƙamuƙi

hòoton mùƙàamuƙii (sn., nm.; jm. hootunàn mùƙàamuƙii)

1. Hoton eksire guda ɗaya mai nuna haƙora duka, sama da ƙasa, da ƙashin da ke riƙe su. Mutum yana tsaye ya cije ɗan sanda, na'ura tana zagaya kansa. *Baba, kada ku motsa, hoton zai yi dishi-dishi.*

2. Abin da likita ke dubawa a ciki:
(a) Saiwa: baƙin tabo a ƙarshenta yakan nuna ƙwayar cuta ta ci ƙashi.
(b) Ƙashi: ja da bayansa daga wuyan haƙori, alamar ciwon dasashi.
(c) Turmin ƙarshe, mai fitowa tsakanin shekara 17 da 25: ko ya kwanta ya tokare na gabansa, ko saiwarsa ta kusanci jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa. Wannan ne abin lura sosai kafin cirewa, domin taɓa jijiyar kan sa leɓe ya mutu. *An turo wani ɗan Dukawuya Asibitin Malam Aminu Kano ya yi ~ kafin a cire masa turmi.*

Lura: ƙaramin rami tsakanin haƙora yakan ɓuya, sai ƙaramin hoto.

Dub. haƙori, dasashi, turmi.