Takardar neman sanya wa layuka suna da yi wa gidaje lamba: misalin Pauwa

Wannan takarda koke ce da mazauna gari ko unguwa ke aika wa ƙaramar hukumarsu, suna neman a yi wa layukansu rajista, a kuma lambata ƙofofinsu, domin motar ɗaukar marasa lafiya ta daina yawon tambaya. A Pauwa, da ke ƙaramar hukumar Ƙanƙara a jihar Katsina, adireshi kwatance ne, kamar yadda yake a yawancin garuruwan Faskari da Sabuwa: bayan masallacin Juma'a, daura da injin niƙa, gidan wane. Ɗan gari ba ya ɓata da wannan. Direban da ya zo daga wani wuri da tsakar dare, ga mai naƙuda tana zubar da jini, shi ne ke rasa wanda zai tambaya.

Hurumin wa ne?

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa sanya wa hanyoyi suna da yi wa gidaje lamba cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar haraji ta 1998 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar kuɗin rajistar sunan titi, in ban da titunan babban birnin jiha, waɗanda kuɗinsu na gwamnatin jiha ne. Saboda haka takardar mutanen Pauwa ta shugaban ƙaramar hukumar Ƙanƙara ce. Wanda ya kai ta Katsina, ko ya damƙa wa ɗan majalisar tarayya, ya tsawaita wa kansa hanya. Ana shigar da ita ta hannun kansilan mazaɓa, da sa hannun masu unguwanni da dagaci, a aika kwafi ga hakimi. Kada a bar sakatariya sai an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za a riƙe, domin shi kaɗai ne shaida ranar bibiya.

Abin da ya kamata ta nema

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara takardar da jerin sunayen mutanen da ake so a karrama. Nan take batun ceton rai ya koma gardamar wane ya fi wane, aikin kuma ya kwanta. Birnin Yamai na Nijar ya kauce wa wannan: an ba layuka lamba haɗe da taƙaitaccen sunan unguwa, suna kuma ya biyo baya in an samu daidaito. Takarda mai ƙwari ita ma lamba take fara nema, ta haɗa da zanen unguwar ko da na hannu ne, da adadin layuka da ƙofofi.

Sannan ta fayyace yadda za a ƙirga. Bin gidaje da 1, 2, 3 yana da sauƙi, amma ba ya jure gado. Da zarar an raba gida an fasa sabuwar ƙofa, ko an gina kango, lissafin ya wargaje. Tsarin da ya fi ɗorewa shi ne na awo, inda lambar gida take nuna nisan ƙofarsa daga bakin layi.

A ɗauka layi na 4 yana da tsawon mita 300, kuma ya faro daga babbar hanya. Ƙofar da ke mita 45 a hagu za ta zama lamba 45. Wadda ke mita 120 a dama ta zama 120, domin hagu na ɗaukar mara, irin su 1, 3, 5, dama kuma cika. In magada sun buɗe ƙofa a mita 51, sai ta karɓi 51 ba tare da an goge lambar kowa ba. Direban da aka ce masa "layi na 4, lamba 120" ya riga ya san gefen da zai duba da tazarar da zai yi.

Inda aikin ke lalacewa

Fenti a bango bai isa ba. Sai an rubuta rajista, an ba Babban Asibitin Ƙanƙara da cibiyoyin lafiya na matakin farko kwafinta da taswirar, in ba haka ba mai kira zai faɗi lambar da direba bai taɓa ji ba. Gwajin aikin mai sauƙi ne: a ba baƙo lamba, a ga ko zai isa ƙofar ba tare da tambaya ba. Lungun da mota ba ta shiga kuwa, a ware masa mahaɗa mai alama a bakinsa, inda za a fito da majiyyaci.

Akwai kuma tsoron haraji, kuma ba tsoron banza ba ne, domin jadawalin da ya ba ƙaramar hukuma ikon lambata gidaje shi ne ya ba ta ikon ƙiyasta su don haraji. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, wasu za su ƙi a bayyana gidansu. Don haka ya dace takardar ta nemi lamba kawai a jikin ƙofa, ban da sunan mai gida, ta kuma nemi a rubuta waɗanda ke da izinin duba rajistar.