Yadda Lokaci Ya Shiga Lissafin Bim

A shekarar 1907, W. K. Hatt na Jami'ar Purdue a Amurka ya bayar da rahoton wani abin da lissafin zamaninsa bai tanada ba. Bim na kankare mai rodi, idan aka ɗora masa nauyi aka bar shi, yana ci gaba da lanƙwasawa ko da ba a ƙara masa komai ba. Dalili shi ne kankaren da ke saman bim yana ƙara matsewa sannu a hankali, yana kuma ƙanƙancewa yayin da yake bushewa.

An daɗe ba a damu da wannan sosai ba, domin bim na lokacin masu kauri ne, kuma ba a matsa wa rodinsu. Lamarin ya sauya bayan 1963, lokacin da ƙa'idar ACI 318 ta bai wa lissafi bisa iyakar ƙarfi cikakken gurbi, rodi mai ƙarfi kuma ya yaɗu. Bim suka sirance. Ba sa karyewa, amma suna sauka, tsagar da ke ƙasansu tana buɗewa.

Bugun 1971 ya ɗauki magunguna biyu. Na farko aikin Dan Branson ne, wanda ya nuna yadda za a ƙiyasta taurin bim da ya riga ya tsage. Na biyu binciken Gergely da Lutz ne na 1968, wanda ya danganta faɗin tsaga da yawan jan da rodi ke sha, da kaurin kankaren da ya rufe shi, da yadda aka rarraba rodin. Darasinsa shi ne ƙananan rodi da yawa sun fi manya kaɗan, domin tsaga takan yawaita amma ta zama siririya. An nufi kada ta wuce kusan milimita 0.4 a cikin gini.

Game da lokaci, bugu na baya sun tsayar da `λ = ξ/(1 + 50ρ′)`, inda `ξ` ke kaiwa 2 bayan shekara 5, `ρ′` kuma kason rodin sama ne. A ɗauki bim mai tsawon mita 6 wanda dawwamammen nauyi ya saukar da milimita 8 tun farko. Idan babu rodin sama, zai ƙara milimita 16. Iyakar da aka sa domin kare bangon bulo ita ce tsawon bim a raba da 480, wato milimita 12.5, don haka ya faɗi tun ba a lissafa nauyin mutane da kaya ba. Idan aka sa rodin sama na kashi 1 cikin 100, ƙarin zai dawo kusan milimita 10.7, saboda ƙarfe ba ya matsewa kamar kankare.

Alamar gazawa takan bayyana bayan shekaru: bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Faɗin tsaga kuwa ya ƙi lissafuwa daidai, har a 1999 ACI ta koma ƙayyade tazarar rodi kai tsaye.