Yadda Mai Ciwon Sukari Zai Ƙirga Kabohaidiret a Farantin Shinkafa da Wake ta Hanyar Kason Musaya

Kason musaya ma'auni ne da masana abinci ke koya wa masu ciwon sukari domin su san yawan kabohaidiret ɗin da ke cikin abin da suka zuba a faranti. Kabohaidiret shi ne sitaci da sukarin da ke cikin abinci, kuma shi ne ke komawa sukari a cikin jini bayan an ci, fiye da nama ko mai. A tsarin da ya fi yaɗuwa, kaso ɗaya yana nufin duk adadin abincin da ke ɗauke da giram 15 na kabohaidiret. An sa masa sunan musaya ne saboda ana iya cire kaso ɗaya na wani abinci a maye gurbinsa da kaso ɗaya na wani, jimillar ba ta canza ba.

Tsarin ya samo asali ne daga Amurka a shekarar 1950, lokacin da ƙungiyar masana abinci da ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari da hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar suka fitar da jerin abincin musaya na farko. A Birtaniya kuma kaso ɗaya giram 10 ne. Don haka duk wanda aka ba takardar abinci a asibiti ya kamata ya tambaya wane ma'auni aka yi amfani da shi, domin kaso shida a tsarin farko giram 90 ne, a na biyu kuwa giram 60.

Abin da ake ƙirgawa da abin da ake bari

A jerin musaya, sulusin kofi na dafaffiyar shinkafa kaso ɗaya ne. Haka ma rabin kofi na dafaffen wake, da yankan burodi ɗaya mai nauyin kusan giram 30, da ƙaramin lemon zaƙi guda. Kofin da ake magana a kai mai cin mililita 240 ne, ba kowane kofin shayi ko gwangwanin madara da ke ɗakin girki ba. Ganyayyaki irin su alayyafo da kabeji da tumatir suna da kabohaidiret kaɗan, kimanin giram 5 a rabin kofi idan an dafa, ko a cikakken kofi idan ɗanye ne. Nama da kifi da ƙwai da man gyaɗa da manja ba su shiga wannan lissafi, ko da yake yawansu yana da nasa hukuncin ta fuskar ƙiba da lafiyar zuciya.

Wannan jeri yana aiki cikin sauƙi idan kowane abinci yana gefensa. Matsalar ita ce akasarin abincin gida a Najeriya a gauraye ake dafa shi. Wanda aka zuba wa shinkafa da wake ba zai zauna yana tsince waken yana aunawa ba, kuma hannun kowace mai girki daban ne: wata wake ke rinjaye a tukunyarta, wata kuma sai an duba kafin a gan shi. Mafita ita ce a yi lissafin tun daga tukunya, kafin a dafa.

Lissafin tukunya

A ɗauki misalin magidanci mai nau'in ciwon sukari na biyu, wanda masanin abinci ya ƙayyade masa kaso biyar a abincin rana, wato giram 75. A gidansa an dafa shinkafa da wake, an yi miyar tumatir da kifi, an soya agada, an yanka kabeji, ga kuma lemon zaƙi.

Matakin farko shi ne auna ɗanyen kaya a ƙaramin sikelin girki. A ce shinkafar giram 400 ce, waken giram 200. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ɗanyar shinkafa kabohaidiret ne, saboda haka giram 400 na ɗauke da kimanin giram 320. Busasshen wake kuma kusan kashi 60 ne, wato giram 120. Jimillar abin da ya shiga tukunya ke nan giram 440. Ruwa da gishiri da kanwa ba su ƙara komai a kai.

Bayan an sauke, sai a auna dafaffen abincin baki ɗaya, a cire nauyin mazubin. A ce ya kai giram 1,760. Nauyin ya kusa ninka sau uku domin hatsin ya sha ruwa, amma kabohaidiret ɗin yana nan a giram 440 ɗinsa. Idan aka raba 440 da 1,760 za a ga cewa rubu'in nauyin abincin ne kabohaidiret. Ma'ana, kowane giram 60 na wannan shinkafa da wake kaso ɗaya ne. Wannan adadi shi ne ribar aikin gaba ɗaya. Muddin gidan bai canza yawan wake a kan shinkafa ba, kuma ana dafawa iri ɗaya, ba sai an maimaita lissafin kullum ba.

Yanzu sai a koma farantin magidancin. An zuba masa giram 240, wanda a ido bai wuce zubin da mutum zai kira madaidaici ba, amma kaso huɗu ne, giram 60 na kabohaidiret. Agadar gara a auna ta bayan an ɓare, kafin ta shiga mai, domin suya tana ƙone ruwanta, nauyinta ya ragu, sitacin da sukarin kuwa su zauna. Giram 50 na nunanniyar agada kaso ɗaya ne, kuma wannan 'yan yanka kaɗan ne. Rabin kofi na miyar tumatir da albasa da tattasai, tare da kofi guda na kabeji, za su ba da kimanin giram 10 a haɗe. Kifi da man miya ba su da lissafi. Lemon zaƙin kaso ɗaya ne.

Idan aka tara 60 da 15 da 10 da 15, an sami giram 100, kusan kaso bakwai, alhali biyar aka ƙayyade masa. A nan musaya ke nuna amfaninta. Zai iya rage shinkafa da waken zuwa giram 180, wato kaso uku, ya ajiye lemon sai da la'asar, ya ƙara kabeji da kifi don ya ƙoshi. Farantin ya sauko zuwa giram 70. Idan kuma ranar lemon yake sha'awa, sai ya bar agadar ya sha lemon, lissafin bai motsa ba. Babu abin da aka haramta masa a cikin abincin gidan, zaɓi kawai aka sa shi yi.

Hanyar ita ce dai ga tuwo. Kusan kashi uku cikin huɗu na garin masara kabohaidiret ne, don haka giram 20 na gari kaso ɗaya ne. Idan an tuƙa giram 500 na gari aka kwashe malmala biyar masu girma ɗaya, kowace malmala kaso biyar ce, wato ita kaɗai ta cinye rabon magidancin tun kafin a zuba miya.

Inda lissafi ke kuskurewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa ma'aunin ɗanye da na dafaffe. Giram 100 na ɗanyar shinkafa na da kusan giram 80 na kabohaidiret, na dafaffiya kuwa kusan 28 ne kawai. Wanda ya ɗauki adadin ɗanya ya ɗora a kan abin da ke farantinsa ya ninka lissafinsa kusan sau uku. Ga mai allurar insulin da ke daidaita allurarsa da abinci, wannan haɗari ne na gaske. Idan likita ya tsara masa yunit ɗaya ga kowane giram 10, farantin giram 70 yunit bakwai yake bukata, kuma duk kuskuren da ya shiga ƙirga zai shiga allurar kai tsaye. Wannan ma'auni na insulin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, likita ne ke tsara shi, ba a aronsa daga wani majinyaci.

Na biyu shi ne mantawa da abin sha. Kunu da zoɓon da aka sa wa sukari da fura da lemon kwalba duk suna cikin lissafi. Lemon kwalba mai sukari kan kai kusan giram 10 a kowane mililita 100, don haka kwalba mai mililita 350 ta haura kaso biyu. A kayan gwangwani da na leda, layin jimillar kabohaidiret ake dubawa, ba layin sukari kaɗai ba, sannan a lura ko adadin na giram 100 ne ko na abin da ke cikin ledar baki ɗaya. Akwai kuma masu ɗaukar wake a matsayin furotin zalla su ci ba adadi. Wake na da furotin, amma sitacinsa ya fi yawa.

Tsarin musaya yana da iyakarsa: yana auna yawa ne, ba ya auna saurin shiga jini. Kaso huɗu na farar shinkafa zalla sun fi saurin ɗaga sukari a kan kaso huɗu na shinkafa da wake, domin dusar da ke jikin wake da furotin ɗinsa suna rage saurin narkewa. Mai ma yana jinkirta fitar abinci daga ciki, shi ya sa bayan cin abinci mai maiƙo sosai sukari kan yi kamar bai tashi ba, sai bayan sa'o'i uku ko fiye ya hau.

Na'urar gwajin sukari ce ke tabbatar da ko ƙirgar ta yi daidai. Ana gwadawa kafin a fara ci, a sake bayan sa'o'i biyu da fara cin. Ga yawancin manya marasa juna biyu, abin da ake so shi ne adadin bayan cin abinci ya kasance ƙasa da 180 mg/dL, wato 10 mmol/L a na'urorin da ke amfani da wannan ma'auni. Idan faranti iri ɗaya yana haura wannan sau da dama, ko dai an ƙirga ƙasa da abin da aka ci, ko kuma rabon da magungunan na bukatar gyara a asibiti.

Idan kuma adadin ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, tare da gumi da rawar jiki da jiri, sukarin ya yi ƙasa. Wannan ya fi samun masu insulin da masu shan magunguna irin su gilibenkilamid, musamman idan sun rage abinci ba a rage musu magani ba. Abin da ake yi nan take shi ne shan kaso ɗaya na sukari mai saurin shiga jini, kamar babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kofi na ruwan 'ya'yan itace, a sake gwadawa bayan minti 15, a maimaita idan bai hau ba. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake garzayawa da shi.