Zabge fitowar da ba ta sauya komai a daftarin labari

Idan marubuci ya kammala daftarin farko, akan auna kowace fitowa da tambaya guda: me tauraron labarin ya sani, ya mallaka ko ya ƙudurta kafin fitowar, me kuma ya sauya bayanta? In babu bambanci, fitowar ta cirewa ce.

A ɗauki labarin wani matashi mai neman kujerar kansila a Bebeji. A babi na huɗu ya je Tiga yaƙin neman zaɓe, masunta suka tafa masa, ya koma gida yadda ya fito. Komai kyan siffanta madatsar ruwan, labarin bai gusa ba. Amma da a can ya ji cewa ubangidansa ya ba wani takarar, da fitowar ta tsira, domin yanzu dole ya zaɓa: biyayya ko ficewa daga jam'iyya.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen ɗinki. Idan a fitowar da aka cire ne aka fara ambaton direban da zai tona asiri a ƙarshe, sai a mayar da ambaton wani babi, in ba haka ba mai karatu zai tsaya yana tambayar wane ne wannan.

Ma'aunin yana da iyaka. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, jerin karon Alhaji Imam ne da Malam Zurƙe, kuma barkwancin ne ke riƙe mai karatu. Wanda ya bi shi da wannan almakashi zai zubar da mafi daɗinsa.