Tsarin Shugaban Ƙasa da Tsarin Firaminista

Tsarin shugaban ƙasa da tsarin firaminista hanyoyi biyu ne na gudanar da mulkin dimokuraɗiyya. Babban bambancinsu shi ne alaƙar ɓangaren zartarwa da majalisar dokoki. A tsarin farko, kamar na Amurka, ana zaɓen shugaba daban da 'yan majalisa, yana kuma da ƙayyadajjen wa'adi. Wannan kan sa gwamnati ta ɗore, amma yana wahalar da sauke shugaba, domin tsigewa na buƙatar tuhumar babban laifi da rinjaye mai yawa.

A tsarin firaminista, gwamnati na fitowa daga cikin majalisa, ministoci na amsa tambayoyi a zaurenta, kuma ƙuri'ar rashin amincewa kan rushe ta. A ranar 28 ga Maris 1979, gwamnatin James Callaghan ta Birtaniya ta sha kaye da ƙuri'a 311 da 310, aka tafi sabon zaɓe.

Nijeriya ta bi tsarin firaminista daga samun 'yanci a 1960 zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Ta koma tsarin shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba 1979, lokacin da aka rantsar da Shehu Shagari.