Binciken Ingancin Aiki: Ciyar da Ɗalibai a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Binciken ingancin aiki ya bambanta da binciken kuɗi. Na kuɗi yana tabbatar da cewa rasit ya dace da abin da aka fitar, shi kuwa wannan yana tambayar abin da kuɗin ya haifar. Ma'auninsa uku ne: tsimi wajen saye, yawan abin da kowace naira ta samar, da cimma manufa.

Shirin ciyar da ɗalibai da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016 ya fara da naira 70 kullum ga kowane yaro na aji ɗaya zuwa uku na firamare. Tsimi ana gane shi ta kwatanta kuɗin shinkafa da wake da farashin kasuwa.

Ma'auni na biyu ya fi wuya a waɗannan ƙananan hukumomi na Jihar Katsina, inda hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka. A ɗauka an biya mai dafa abinci naira 7,000 don yara 100 da ke rajista, alhali 60 kaɗai suka zo. Takardu ba su da aibi, amma kowane kwano ya tashi kusan naira 117. Shi ya sa mai bincike ke zuwa ba sanarwa, ya ƙirga yara da kansa.

Cimma manufa kuwa, sai halartar makaranta ta ƙaru fiye da ta makarantun yankin da ba a ciyarwa.